Kuɗin da Ya Shiga Asusu Ya Sake Fita: Yadda Shari'ar Cajbak Ke Gudana

A Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, da zarar mai kaya ya ce ya sallama, kuɗi ya shiga hannunsa, kaya ya bar rumfa, to ciniki ya faɗa. Wanda ya dawo bayan wata uku yana neman kuɗinsa sai dai ya roƙi arziki. Cinikin da aka biya da katin banki yana da wata ƙofa da ke zama a buɗe tsawon watanni bayan an rabu. Mai saye na iya zuwa bankinsa ya ce bai yarda da wannan biya ba, bankin kuma ya janye kuɗin daga wurin ɗan kasuwa tun kafin a tambaye shi abin da ya faru. Wannan janyewa ita ma'aikatan banki ke kira cajbak, kuma duk wanda ke karɓar kuɗi da kati, ta intanet ko ta na'urar POS, ya riga ya sa hannu cewa ya amince da ita, ko ya karanta takardar ko bai karanta ba.

Tushen abin yana Amurka. A shekarar 1974 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta bai wa masu katin bashi damar ƙalubalantar kuskure a lissafin da banki ya aiko musu, cikin kwana 60 daga ranar da aka aiko shi. A lokacin mutane suna ɗari-ɗari da kati, suna tsoron a sace lambarsa a ci kasuwa da sunansu. Kamfanonin kati suka ga cewa babu mai miƙa lambar katinsa ga baƙon da bai taɓa gani ba sai yana da tabbacin kuɗinsa na iya dawowa, don haka suka faɗaɗa wannan dama suka mayar da ita ƙa'idarsu a duk ƙasar da katinsu ya shiga. Shi ya sa a yau mafi yawan abin da ke tafiyar da cajbak littafin ƙa'idojin Visa ne da na Mastercard, a Najeriya kuma har da na Verve, sannan dokar kowace ƙasa ta ƙara nata a kai.

Don mu ga yadda abin yake tafiya, mu ɗauki misalin ciniki guda mu bi shi tun daga farko.

Wani Alhaji a Kano yana ɗinka wa mutane kayan shadda, yana kuma da shafin da ake yin oda a biya da kati. Wata Hajiya da ke zaune a Birmingham ta ƙasar Birtaniya ta yi odar kayan biki na dala 600, ta biya da katin Visa ranar 3 ga Maris. A shafin an rubuta mata cewa kayan za su iso kafin 24 ga Maris. Bayan sati guda ta tuntuɓe shi ta ce, "Alhaji, don Allah a canza adireshi, tafiya ta kama ni. A kai gidan ƙanwata a Leicester." Ya ce, "To Hajiya, an gama." Aka ɗinka, aka ɗaure, kamfanin aika kaya ya ɗauka, ranar 20 ga Maris wani ya sa hannu ya karɓa a Leicester. Alhaji ya biya teloli, ya biya mai shadda, ya manta da zancen.

A idon su biyun, ciniki ne tsakanin mutum biyu. A idon tsarin kati, hannu biyar ne a ciki. Akwai Hajiya da bankinta wanda ya ba ta katin. Akwai Alhaji da bankin da ke karɓar masa kuɗin kati, wanda galibi ba ya hulɗa da shi kai tsaye sai ta hannun kamfanin karɓar biya irin su Paystack ko Flutterwave. A tsakiya kuma akwai Visa, wadda ba ta ba kowa kati da kanta, ba ta riƙe asusun kowa, aikinta shimfiɗa hanya da kafa ƙa'ida. Matsayinta ya yi kama da na sarkin kasuwar da ba ya sauraron kowa sai 'yan ƙungiyarsa, kuma 'yan ƙungiyar nan bankuna ne. Hajiya ba za ta taɓa magana da Visa ba, Alhaji ma haka. Kowannensu bankinsa ne bakinsa.

Ƙorafi a banki

Hajiya ta dawo daga tafiya a farkon Afrilu, ta tambayi ƙanwarta, ƙanwar ta ce ita ba ta ga wani kaya ba. Ta aika wa Alhaji saƙo, yaron shago da ke riƙe da wayar bai mayar da amsa ba. Ranar 15 ga Afrilu ta buɗe manhajar bankinta, ta danna kan wannan biya, ta zaɓi cewa kaya bai iso ba.

Bankin zai yi mata tambayoyi kaɗan, kuma kowace tana da dalili a ƙa'ida. Me kika saya? Yaushe aka ce zai iso? Kin nemi mai kayan, me ya ce? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin a ƙorafin rashin isowar kaya, Visa ta shar'anta cewa mai kati ya fara neman sasantawa da ɗan kasuwa. Saƙon da yaron shago ya ƙyale shi ne ya cika wannan sharaɗi. Da ya amsa a ranar, ya turo hoton takardar karɓa, da wataƙila an gano cewa mijin ƙanwar ne ya sa hannu ya ajiye kwalin a ɗakin ajiya, magana ta mutu a nan. Cajbak da yawa daga irin wannan shiru suke farawa.

Bankin zai kuma duba lokaci. A yawancin ƙorafe-ƙorafe wa'adin kwana 120 ne. Idan zancen kaya ne da bai iso ba, ana iya fara ƙirga daga ranar ƙarshe da aka yi alkawarin isowarsa, wato a misalinmu daga 24 ga Maris, wanda ya kai mu 22 ga Yuli. Kowane irin jinkiri aka yi alkawari, ba a wuce kwana 540 daga ranar biya. Ma'ana, kuɗin da Alhaji ya kashe tun a Maris yana nan a rataye har tsakiyar damina.

Daga nan bankin zai sanya ƙorafin a ƙarƙashin lamba. Tun watan Afrilu na 2018 Visa ta tattara dalilan cajbak gida huɗu: zamba, matsalar izinin biya, kuskuren sarrafa biya, da saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kowane gida da 'ya'yansa. Lamba 13.1 ita ce kaya ko aiki bai iso ba, 13.3 kaya ya iso amma ba shi aka siffanta ba ko ya zo da lahani, 10.4 kuma mai kati ya ce ba shi ya yi cinikin intanet ɗin ba sam. Mastercard tana da nata lambobin, irin su 4853 na saɓanin ciniki da 4837 na rashin izinin mai kati. Ƙorafin Hajiya ya faɗa 13.1, kuma daga yanzu wannan lamba ce ke yanke irin hujjar da za a saurara da wadda za a ture gefe.

Ranar 22 ga Afrilu bankin Hajiya ya shigar da ƙorafin a tsarin Visa. Dala 600 ta tashi daga bankin Alhaji ta koma bankin Hajiya. Bankuna da yawa sukan saka wa mai kati kuɗin a asusunsa nan take, da gargaɗin cewa na wucin gadi ne, za a iya sake cire shi in hukunci bai yi masa daɗi ba. Mutane kan tsallake wannan gargaɗi su ɗauka sun yi nasara.

Saƙon da ke zuwa wa ɗan kasuwa

Alhaji zai fara jin labari ne ta imel daga kamfanin karɓar biya, ko ya ga an zaftare wani abu daga kuɗin cinikin ranar. An riƙe dala 600 ko kwatankwacinta a naira, kuma kamfanoni da yawa suna ɗora kuɗin aiki a kan kowane cajbak. Wanda bai saba ba yakan ɗauka damfara ce ko kuskuren kamfani, ya ɓata kwana biyu yana kiran waya yana faɗa.

Kwana biyun nan na iya zama duk abin da yake da shi. A ƙa'idar Visa, bankin ɗan kasuwa yana da kwana 30 ya mayar da amsa, a ta Mastercard kwana 45. Amma wannan wa'adin banki ne. Bankin yana buƙatar lokacinsa na dubawa, kamfanin da ke tsakani shi ma yana buƙatar nasa, don haka abin da ke isowa ga ɗan kasuwa ya ragu ƙwarai: wani lokaci sati guda ko biyu, a cinikin cikin gida a Najeriya kuma wani lokaci awanni ne kawai. Idan wa'adin ya wuce ba amsa, ana ɗauka ya amince da ƙorafin, kuɗi ya tafi ke nan. Babu uzurin rashin lafiya, babu na yankewar sabis, babu na imel ya faɗa cikin tarkacen saƙonni.

Zaɓinsa biyu ne. Ko ya amince, ko ya ƙalubalanta da hujja. Idan ya san kayan ya ɓata a hanya, amincewa ta fi masa sauƙi, ya juya ya nemi haƙƙinsa wurin kamfanin aika kaya. Alhajinmu ya san an kai, don haka zai ƙalubalanta.

A nan ne 'yan kasuwa masu gaskiya suka fi faɗuwa. Abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne ya rubuta doguwar wasiƙa: shekara ashirin yana sana'a, ba a taɓa kama shi da cin kuɗin kowa ba, ga hotunan kayan a kan teburin guga, ga shaidar telolin da suka kwana suna aiki. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ya amsa tambayar 13.1. Tambayar ita ce: shin mai katin, ko wanda ta wakilta, ya karɓi kayan a wurin da aka amince kuma a lokacin da aka amince? Ma'aikacin da zai karanta amsar a bankin Birtaniya bai san Alhaji ba, bai san shadda ba, yana da tulin irin waɗannan fayiloli a gabansa, kuma yana neman abu guda ne da zai dace da layin ƙa'idar.

Saboda haka fayil mai kyau gajere ne. A sama, bayani na 'yan layuka cikin harshen da bankin can ke aiki da shi: an yi oda ranar kaza, an canza adireshi ranar kaza bisa buƙatar mai kati, an kai ranar kaza. A ƙasa, takardar odar da ke nuna kayan da farashi da ranar alkawari. Sai takardar kamfanin aika kaya mai ɗauke da lambar bibiya, cikakken adireshin da aka kai, rana, da sunan wanda ya sa hannu. Lambar bibiya ita kaɗai da ke cewa an kai kaya garin Leicester ba ta isa ba, domin gari ba adireshi ba ne.

Sai kuma takarda ta uku, wadda duk shari'ar ta rataya a kanta. Adireshin da ke kan odar na Birmingham ne, wanda ke kan takardar karɓa na Leicester ne. Ga mai karatu daga nesa, wannan yana nuna an kai kaya gidan da ba na mai saye ba, wato hujjar Alhaji da kanta tana goyon bayan Hajiya. Abin da zai haɗa takardun biyu shi ne shaidar cewa ita ta nemi a canza. Idan a rubuce ta aiko, daga lambar waya ko imel ɗin da ke kan odar, to hoton saƙon da kwanan watansa da fassararsa ya rufe giɓin. Idan kuwa kira ta yi da baki ya ce an gama, babu abin da zai ɗora. Ya faɗi gaskiya, ita ma ba ta yi ƙarya ba da ta ce kaya bai zo hannunta ba, amma a kan takarda ya sha kaye. Saƙon murya ma, wanda shi muka fi yawan amfani da shi a ciniki, yana da wuyar shiga fayil, tunda tsarin takardu da hotuna yake karɓa. Ɗan kasuwar da ya san wannan, duk lokacin da aka canza masa wani abu da baki, yakan rubuta saƙo ya maimaita abin da aka ce, ya nemi kwastoma ya amsa da rubutu kafin kaya ya fita.

Akwai wani rami kuma da kunya da son zaman lafiya ke jefa mutane a ciki. Alhaji na iya cewa, ai Hajiya 'yar gida ce, kada a ɓata zumunci, bari ya tura mata kuɗinta ta hannun wani ɗan canji a rufe magana. Idan ya yi haka bayan an shigar da cajbak, ya biya sau biyu, domin tsarin bai san da wannan kuɗi ba kuma zai ci gaba da tafiyarsa. Mayar da kuɗin kati ta kan katin da aka biya da shi ake yi, inda bankunan biyu za su gani, kuma kafin a buɗe ƙorafi. In an riga an buɗe, amincewa da shi ita ce mayarwar.

Da ta ce ba ita ba ce

Mu ɗan karkata, domin da ƙorafin ya zo da wata lamba, duk abin da Alhaji ya tattara a sama zai rage amfani. A ce Hajiya ta duba lissafin asusunta ta ga wani suna da ba ta sani ba ya ci mata dala 600. Wannan yana faruwa ba da mugun nufi ba: sunan shagon a intanet daban, sunan da aka yi wa kamfani rajista da shi wanda ke fitowa a lissafin banki daban. Sai ta ce ba ita ta yi ba, bankin ya toshe katin ya shigar da 10.4.

Yanzu tambayar ta zama wa ya yi amfani da katin. Abu na farko da za a duba shi ne ko biyan ya bi ta matakin tantancewa na 3-D Secure, wato inda banki ke turo lambar OTP ko ya nemi mai kati ya amince a manhajarsa. Idan ya bi, alhakin zamba galibi yana komawa kan bankin da ya ba da katin, tunda shi ya tantance mutuminsa, kuma ba a barinsa ya ɗora wa ɗan kasuwa. Haka yake a kan na'urar POS idan an zura kati mai guntun ƙarfen nan an danna lambar sirri. Sai dai wannan kariya ta zamba ce kawai. Ba ta hana mai kati cewa kaya bai zo ba ko ya zo a lalace.

Idan ba a bi ta wannan mataki ba, ɗan kasuwa yana cikin wahala. Visa ta ƙara masa wata kafa a watan Afrilu na 2023: in zai iya nuna tsofaffin cinikayya biyu da aka yi da katin nan, waɗanda suka kai tsakanin kwana 120 zuwa 365, ba a yi ƙorafi a kansu ba, kuma bayanansu sun dace da na cinikin da ake gardama a kai, kamar na'urar da aka yi oda da ita da adireshin kai kaya, to alhakin ya koma wa bankin mai kati. An yi wannan ne saboda masu saye da kansu su musanta daga baya, ko don mantuwa, ko don ɗa ya ɗauki katin uwa, ko don son banza. Amma yana amfanar mai tsofaffin kwastomomi ne da kuma tsarin da ke adana irin waɗannan bayanai. Sabon kwastoma da ya zo sau ɗaya ba ya cikin lissafin.

Zagaye na biyu da hukunci

Mu koma ga 13.1, mu ɗauka Hajiya a rubuce ta nemi canjin adireshi. Bankin Alhaji ya duba fayil ɗin, ya ga ya cika, ya mayar da amsa ranar 20 ga Mayu. Kuɗin ya sake juyowa ɓangaren Alhaji. Bankin Hajiya yana da kwana 30 ya duba, kuma yakan nuna mata abin da aka kawo. A mafi yawan lokuta a nan ake tsayawa. Ta ga sa hannun mijin ƙanwarta, aka duba ɗakin ajiya, banki ya cire kuɗin wucin gadin daga asusunta, aka rufe fayil.

Idan ta dage, ta ce ba ta san mai wannan sa hannu ba kuma har yau ba ta ga kaya ba, bankinta na iya sake tura maganar a matakin da ke gaban sasanci na ƙarshe, yana bayyana dalilin da ya sa hujjar ba ta gamsar ba. Bankin Alhaji na da wani kwana 30 ya amince ko ya ƙi. In ya ƙi, bankin Hajiya na da kwana 10 ya kai ƙara gaban Visa. A ƙorafin zamba tsarin ya ɗan bambanta, domin a can ɓangaren ɗan kasuwa ne ke bin matakan yana neman a juya hukunci, amma ƙarshen hanyar ɗaya ne.

A wannan mataki babu zama, babu lauya, babu rantsuwa. Ma'aikatan Visa suna karanta abin da bankunan biyu suka riga suka ɗora a tsarin, su auna shi da ƙa'ida: an shigar a kan lokaci? Lambar ta dace da ƙorafin? An cika sharuɗɗanta? Hujjar ta amsa ta? Wanda ya ajiye wata muhimmiyar takarda yana jiran ya fito da ita a ƙarshe ya makara, tunda abin da aka nuna wa ɗaya ɓangaren a baya shi ake dubawa. Ana iya faɗuwa a kan kuskuren tsari kawai, kamar wuce wa'adi da kwana guda, ko da gaskiya tana bayyane. A fayil ɗin Alhaji, da saƙon canjin adireshi da takardar karɓa mai adireshi iri ɗaya da rana kafin 24 ga Maris, ƙafarsa ta fi ƙarfi.

Sai dai ba kasafai ake kaiwa nan ba, kuma dalilin kuɗi ne. Wanda ya faɗi a gaban Visa ko Mastercard shi ke biyan kuɗin shari'ar, wanda ya kai ɗaruruwan daloli, kuma bankin ɗan kasuwa kan ɗora masa shi. A kan ciniki na dala 600, Alhaji yana iya fita da asarar da ta kusa ninka kuɗin kayan. Bankin Hajiya ma yana yin wannan lissafin, wani lokaci ya gwammace ya biya ta daga aljihunsa ya rabu da maganar. Wasu kamfanonin karɓar biya ma ba sa bin ɗan kasuwa har wannan mataki. Ɗaukaka ƙara bayan hukuncin ba ta samuwa sai kuɗin ya kai dubban daloli. In an bi kowane mataki har ƙarshen wa'adinsa, cinikin Maris zai iya kaiwa Agusta ba a san mai kuɗin ba.

Hukuncin yana raba bankuna biyu ne a kan wa zai ɗauki nauyin wannan biya. Bai shafe yarjejeniyar da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa ba. Wanda ya faɗi na iya zuwa kotu ya nemi haƙƙinsa, ko da yake kai ƙara daga Kano zuwa Birmingham a kan dala 600 magana ce kawai. Hajiya kuma, da katin bashi ta biya, tana da wata hanya ta daban a dokar Birtaniya ta 1974, wadda ta sa mai ba da katin ya raba alhaki da ɗan kasuwa a kan kayan da farashinsa ya wuce fam 100 bai haura fam 30,000 ba.

Ko Alhaji ya yi nasara, ƙorafin ya shiga ƙirga. Kamfanonin kati suna auna yawan cajbak ɗin kowane ɗan kasuwa da yawan cinikinsa, ba tare da duba wa ya ci wa ya faɗi ba. A wurin Mastercard, wanda ya tara 100 a wata guda kuma suka kai kashi 1.5 cikin ɗari na cinikinsa ya shiga jerin waɗanda ake sa wa ido da tara. Ƙaramin shago ba zai kai 100 ba, amma kamfanin da ke karɓar masa biya ba ya jira a kai can, domin in ɗan kasuwa ya gudu ko ya karye, shi da bankinsa ne za su biya. Zai iya fara riƙe wani kaso na kuɗin kowane ciniki na wasu watanni a matsayin jingina, ko ya rufe asusun. Wanda aka rufe wa saboda yawan cajbak ana iya saka sunansa a rumbun MATCH na Mastercard, inda yake zama shekara biyar, kuma bankuna suna dubawa kafin su karɓi sabon ɗan kasuwa. A ganina wannan ne ɓangaren tsarin da ya fi rashin adalci ga ƙaramin ɗan kasuwa mai gaskiya, tunda ƙorafin da aka tabbatar ba shi da tushe ma yana ƙara masa nauyi.

A cikin gida

Abin da mafi yawan masu kati a Najeriya suka sani shi ne ƙaramin ɗan'uwan wannan shari'a. Ka zura kati a na'urar POS a gidan mai, takarda ta fito ta ce biya bai shiga ba, ga alat ya shigo an cire maka kuɗi. Hanyar ita ce dai: bankinka za ka je, ba bankin mai gidan man ba, ka ba da rana da adadi da hoton takardar. Bankinka ya shigar da ƙorafi, a tambayi ɓangaren ɗan kasuwa ko kuɗin ya shiga kuma ya ba da kaya. In ya nuna rasit na biyan da ya yi nasara, za a ƙi ƙorafin, in bai amsa ba ko ya amince, kuɗinka ya dawo. A watan Yuni na 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware irin wannan na POS da intanet zuwa awa 72, na ATM ɗin bankin da ba naka ba kuma awa 48. Idan banki ya yi ta ja, ana iya kai ƙorafi sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin, bayan an fara shigar da shi a bankin an karɓi lambar ƙorafi. Wannan takardar da ta ce biya bai shiga ba, wadda ake murƙushewa a yar a bakin famfo, ita ce hujjar mai saye, musamman in ya sake biya da tsabar kuɗi.

Tiransifa kuwa ba ta cikin wannan tsari gaba ɗaya. Wanda ya tura kuɗi daga asusunsa zuwa asusun mai sayar da kaya a Instagram, da hannunsa da lambar sirrinsa, kaya bai zo ba, ba shi da lamba 13.1 da zai tsaya a kai, babu kuma kamfanin kati a tsakani. Bankinsa zai iya tuntuɓar ɗaya bankin, a wasu lokuta a riƙe asusun in an ba da rahoton zamba da wuri kuma kuɗin yana ciki, amma dawo da shi yakan buƙaci amincewar mai asusun ko umarnin kotu. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa 'yan kasuwa da yawa su fi son a yi musu tiransifa, kuma shi ne abin da mai saye ke sarayarwa duk lokacin da baƙon mai kaya ya ce masa shafin biya da kati ya lalace, ga lambar asusu.